Sunan wa za a sa a saƙon "ba na ofis" idan hutun mai tsawo ne?

Wanda zai tafi hutun kwana uku yana iya saita imel ɗinsa ya riƙa amsa wa masu aiko saƙo da kansa da cewa "ba na nan, zan amsa idan na dawo", kuma babu abin da zai lalace. Mai neman sa zai jira. Hutun wata uku ko huɗu kuwa, irin na haihuwa, ko na ƙaro ilimi, ko na jinya, ko takabar wata huɗu da kwana goma, ba a ce wa mutum ya jira. Dole saƙon ya miƙa shi ga wani, kuma a nan ne yawancin saƙonnin ke tuntuɓe. Ana rubuta sunan abokin aiki da adireshinsa a layin ƙarshe kamar an gama magana, alhali layin nan ɗaya ya ɗora wa mutum kayan wata huɗu a ka.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wata ƙungiya, ita ke karɓar takardun neman biya daga 'yan kwangila, ita ke haɗa rahoton kuɗi na ƙarshen wata, kuma ma'aikata na tambayar ta kan alawus ɗin tafiya. Za ta tafi hutun mako 16, daga Litinin 2 ga Maris 2026, ta dawo Litinin 22 ga Yuni. A ce tana samun saƙo 30 a rana. Mako 16 ranakun aiki 80 ne, kafin a cire hutun Sallah, wato saƙo kusan 2,400 za su faɗa akwatinta ba ta nan. Tambayar da za ta amsa kafin ta rubuta ko da kalma ɗaya ita ce: ina waɗannan saƙonni za su nufa, kuma wa ya yarda zai ɗauke su?

Mutum ɗaya, da adireshinsa na kansa

Wannan ita ce hanyar da kowa ya saba da ita:

> Ina hutu daga 2 ga Maris, zan dawo ofis ranar Litinin 22 ga Yuni 2026. Kafin nan, ku tuntuɓi Malam Wane a wane@example.org.

Amfaninta a fili yake. Mai aiko saƙo ya samu sunan mutum, ya san wanda zai kira idan aka yi shiru, kuma shi Malam Wane ba shi da wanda zai tura wa laifi. Ɗan kwangilar da kuɗinsa ya maƙale ya fi samun natsuwa da sunan mutum fiye da sunan sashe, domin a wurinmu aiki da sanayya yake tafiya.

Matsalarta tana fitowa ne da tsawon lokaci. A wata huɗu, shi ma Malam Wane mutum ne: zai yi zazzaɓi, za a tura shi taro, zai ɗauki nasa hutun. A misalin nan, ƙaramar Sallah da babbar Sallah duk sun faɗo cikin wa'adin, kuma idan yana cikin maniyyata, zai ɓace makonni daga watan Mayu. Ranar da ya kunna nasa saƙon, ɗan kwangila zai rubuta wa ma'aikaciyar a ce masa ya nemi Malam Wane, ya rubuta wa Malam Wane a ce masa ya nemi wani, wani lokacin ma a sake mayar da shi wurin wadda ke hutun, saboda tsohon saƙon Malam Wane sunanta ke ciki tun bara kuma bai duba ba. Ita kuwa tana gida, ba ta san ana wannan zagaye ba.

Akwai kuma abin da ba a gani sai an dawo. Duk maganar da aka yi a wata huɗun nan tana cikin akwatin Malam Wane, gauraye da nasa aikin. Ranar 22 ga Yuni, idan wani ya ce "ai mun daidaita da ofishinku tun Afrilu", ba ta da inda za ta duba, sai ta je ta roƙe shi ya tono mata. Hanyar mutum ɗaya ta dace da hutun mako biyu zuwa huɗu, ko aikin da saƙonninsa kaɗan ne amma kowanne na buƙatar hukuncin mutum guda. Fiye da haka, tana buƙatar suna na biyu a bayanta ko da sau ɗaya ba za a neme shi ba.

Akwatin sashe, da sunan wanda ke kula da shi

> Ina hutu har zuwa Juma'a 19 ga Yuni, zan dawo ofis Litinin 22 ga Yuni 2026. Ba na karanta wannan akwati, kuma saƙonku bai wuce ga kowa ba. Don Allah ku sake aika shi zuwa kudi@example.org. Malam Wane ne ke riƙe da aikina, kuma shi ko wani daga sashenmu zai amsa muku cikin ranakun aiki biyu.

A nan sunan mutum yana nan, amma adireshin na sashe ne, wanda mutum biyu ko uku ke iya buɗewa. Idan Malam Wane ya tafi Makka, ba a taɓa saƙon ma'aikaciyar ba, sai dai wani ya zauna a kan akwatin. Idan ta dawo, ta buɗe akwatin ta karanta duk abin da ya gudana daga Maris, ba tare da ta tambayi kowa ba. Ga hutun da ya wuce mako shida, wannan ce hanyar da ta fi jure wa abin da ba a zata ba, kuma ita muke ba da shawarar a fara dubawa.

Ita ma da nata ciwon. Akwatin da kowa ke iya buɗewa shi ne akwatin da kowa ke zaton wani ya riga ya duba. Saƙo zai kwana huɗu an buɗe shi, alamar "ba a karanta ba" ta gushe, amma babu wanda ya amsa. Shi ya sa ba a cire sunan mutum daga saƙon, kuma shi ya sa ake rubuta wa'adin amsa. "Cikin ranakun aiki biyu" alkawari ne, saboda haka sai an tambayi Malam Wane ko zai iya cika shi kafin a rubuta. Idan ya ce uku, a sa uku. Sannan a tabbatar akwatin na karɓar saƙo daga waje. A wasu ofisoshin adireshin sashe rukuni ne da aka saita shi don 'yan cikin gida kawai, kuma duk wanda ya aiko daga waje saƙonsa zai dawo masa. Ana gane wannan cikin minti ɗaya: a aika saƙon gwaji daga adireshin da ba na ofis ba, a tsaya a ga ya shiga.

Raba aikin gida-gida

Hanya ta uku ita ce a jera: takardun neman biya wurin Malam Wane, alawus ɗin tafiya wurin Malama Wance, rahoton wata wurin shugaban sashe. Tana raba nauyi, kuma ga abokan aiki na cikin gida, waɗanda suka san mutanen kuma suka san bambancin ayyukan, babu kamarta. Ga na waje kuwa sau da yawa tana jawo ruɗani. Wanda bai tabbatar inda maganarsa ta faɗa ba zai aika wa duka ukun, kowannensu ya ga sunayen sauran biyun a kan saƙon ya ɗauka an amsa. Idan za a yi ta, kada a wuce gida uku, a kira kowane gida da kalmar da mai aiko saƙo ke amfani da ita, ba da sunan da ke kan tsarin ofis ba, kuma a rufe da layin "duk wani abu da ba ya cikin waɗannan" tare da adireshi ɗaya.

Waɗanda ofishinsu ke amfani da Outlook ba sai sun zaɓi ɗaya tsakanin ta biyu da ta uku ba, domin a tsohon Outlook na kwamfuta, a ƙarƙashin File, sannan Automatic Replies, akwai shafi biyu: Inside My Organization da Outside My Organization. A sa jerin gida-gida a na ciki, har da lambar waya idan mai ita ya yarda, a sa akwatin sashe a na waje. Gmail kuwa saƙo ɗaya ne yake bayarwa a Vacation responder, don haka duk abin da aka rubuta a ciki a rubuta shi kamar baƙo ne zai karanta.

Jumlar da aka fi mantawa da ita

A duba misali na biyu a sama: "Ba na karanta wannan akwati, kuma saƙonku bai wuce ga kowa ba." Wannan jumla ta fi sunan abokin aikin muhimmanci, domin ita ke gaya wa mutum abin da ya faru da saƙon da ya riga ya aiko. Idan babu ita, wasu za su ɗauka an tura wa Malam Wane, su naɗe hannu suna jira. Wasu za su ɗauka ma'aikaciyar na leƙowa jefi-jefi, su sake aiko mata da "tunatarwa" a kai. Takardar neman biya ta kwanta a akwatin da babu mai buɗewa har wata uku, kuma kowa na ganin ya yi nasa.

Abubuwa uku ne kawai za su iya zama gaskiya, kuma dole saƙon ya faɗi ɗaya. Na farko shi ne wanda ke sama: ba a karantawa, ba a turawa, ku sake aikawa. Yana ɗan ba mai aiko saƙo wahala, amma yana tace kaya. Daga cikin 2,400 ɗin nan, sanarwa da talla da kwafin da aka sa ta a ciki don a sani kawai ba za su bi ta zuwa wurin Malam Wane ba, sai wanda ke da buƙata ta gaske.

Na biyu shi ne a saita akwatin ya riƙa tura komai ga abokin aiki da kansa, sai saƙon ya ce "an tura saƙonku ga Malam Wane, ba sai kun sake aikawa ba". Ga ɗan kwangila wannan ya fi sauƙi. Ga Malam Wane kuwa saƙo 30 ne ƙari a kan nasa kowace rana, kuma ga ma'aikaciyar akwai abin da ya fi wannan nauyi: takardar albashinta, wasiƙa daga ofishin kula da ma'aikata game da hutun nata, saƙon 'yar uwa da ta saba rubuto mata ta adireshin ofis, duk za su bi ta idon abokin aiki. Idan dole ne a tura, a saita wa akwatin ƙa'idar da za ta zaɓi abin da za a tura, misali saƙonnin da suka fito daga wasu 'yan kwangila da aka lissafa, a bar kwafi a akwatin asali. Kada kuma a tura zuwa adireshin da ba na ofis ba. Ofisoshi da yawa masu amfani da Microsoft 365 sun toshe irin wannan turawa zuwa waje, sai a tafi da zaton tana aiki alhali ko saƙo ɗaya bai fita ba.

Na uku shi ne "zan riƙa dubawa lokaci-lokaci". Wannan ce mafi muni a cikinsu, duk da cewa ita ce ta fi kama da kirki. Ba ta faɗi yaushe ba, don haka babu wanda zai iya dogara da ita, kuma ta rushe miƙa aikin da aka yi, domin duk wanda ya fi sabo da ma'aikaciyar zai tsallake Malam Wane ya jira ta. Haka ma "zan amsa idan na dawo": babu wanda ke amsa saƙo 2,400. Gara a rubuta gaskiya: "Idan maganar tana iya jira na, ku sake rubuto mini bayan 22 ga Yuni."

Yadda Gmail da Outlook ke maimaita saƙon

Wannan bambanci ƙarami ne a hutun mako guda, amma a na wata huɗu yana canza yadda ya kamata a rubuta saƙon. Gmail na aika amsar ga mutum sau ɗaya, sannan ya sake aika masa idan ya kuma rubutowa bayan kwana huɗu, ko idan an gyara rubutun amsar. Ɗan kwangilar da ke rubutowa kowane mako zai ga saƙon nan sau 16. Saboda haka a taƙaita shi, jumla huɗu ko biyar, ba doguwar gaisuwa, ba raha, domin abin da ya ba da dariya a karon farko ya isa mutum a karo na goma. Gmail na da wurin rubuta Subject, kuma a nan ya kamata ranar dawowa ta zauna, yadda za a gan ta ba sai an buɗe ba.

Outlook na ofis, wanda ke kan Exchange ko Microsoft 365, akasin haka yake yi: kowane mai aiko saƙo sau ɗaya zai samu amsar a duk tsawon lokacin da take kunne. Wanda ya rubuto ranar 3 ga Maris ya samu, ya manta, ya sake rubutowa a ƙarshen Mayu, shiru zai ji, kuma zai iya ɗauka ta dawo tana ƙin amsawa ne. Mafi hatsari, idan aka canza sunan mai riƙon ƙwarya a tsakiyar hutu, waɗanda suka riga suka samu tsohon saƙon ba za su ga sabon ba, sai an kashe amsar an sake kunna ta. Wannan wani dalili ne na fifita adireshin sashe a kan na mutum: shi ba ya canzawa, don haka ko tsohon saƙon aka tuna ba a ɓata hanya ba. Yana da kyau kuma a shirya da masu kula da kwamfutocin ofis tun kafin a tafi, domin suna iya gyara amsar ko su sake kunna ta ba tare da an ba kowa kalmar sirri ba.

Duka biyun suna da zaɓin taƙaita waɗanda za su samu amsar: Only send a response to people in my Contacts a Gmail, My Contacts only a shafin waje na Outlook. Ga mai aikin da ba ya hulɗa da baƙi, a kunna. Ga ma'aikaciyar misalinmu kuwa kuskure ne, domin sabon ɗan kwangilar da bai taɓa rubuto mata ba, wanda ya fi kowa buƙatar a nuna masa hanya, shi ne ba zai samu komai ba.

Kwanan wata, da abin da ba a faɗa wa na waje

"Har zuwa 22 ga Yuni" na iya nufin ranar ta dawo, na iya nufin ranar ce ta ƙarshe a hutun. A rubuta "zan dawo ofis ranar Litinin 22 ga Yuni", da sunan rana da sunan wata. Kada a rubuta wata da lamba: 06/07 a wurin ɗan Najeriya ko ɗan Nijar 6 ga Yuli ne, a wurin Ba'amurke 7 ga Yuni. Idan saƙon na harshe biyu ne, Hausa da Turanci ko Hausa da Faransanci, a tuna ranar da adireshin sun bayyana sau biyu, kuma gyara ɗaya a bar ɗaya shi ne kuskuren da aka fi yi.

Hutun haihuwa da na jinya ba kasafai suke ƙarewa ranar da aka tsara ba. Idan aka sa Last day a Gmail, amsar za ta mutu da ƙarfe 11:59 na daren ranar, ko an dawo ko ba a dawo ba, kuma daga nan saƙonni za su riƙa faɗawa rijiya shiru. Idan ba a sa ba, abin da zai iya faruwa shi ne a dawo a manta ba a kashe ba, amma Gmail na nuna sanarwa a saman akwati da End now a jiki, Outlook ma na nuna Turn off, don haka wannan mantuwar ba ta daɗewa. Ga hutun da ƙarshensa ke da shakka, a bar shi ba ranar ƙarewa, a rubuta "ina sa ran dawowa a ƙarshen Yuni".

Dalilin hutun kuwa babu wanda ke bin sa bashi. "Ina hutu" ya wadatar, kuma ya dace da kunyar da aka san mu da ita a kan zancen ciki da haihuwa da rashin lafiya. Ko "na tafi aikin Hajji", da mutum zai so ya faɗa don a yi masa addu'a, sanarwa ce ga duk wanda ya aiko saƙo cewa mai gida ba ya ƙasar har makonni. A faɗa wa abokan aiki da baki. Ga ma'aikatan kuɗi akwai ƙarin dalili: saƙon da ya ba da suna da muƙami da lambar wayar mai riƙon ƙwarya ya ba ɗan damfara duk abin da yake buƙata don ya rubuta wa Malam Wane cewa "mun riga mun yi magana da ita kafin ta tafi, ga sabuwar lambar asusunmu". Malam Wane ba shi da hanyar tambayar ta cikin sauri, kuma ɗan damfaran ya san haka daga saƙon. A saƙon waje a sa suna da adireshin sashe kawai, ba muƙami, ba lambar wayar hannu, sannan a rubuta a takardar miƙa aiki cewa duk canjin lambar asusu sai an kira ɗan kwangilar ta lambar da ke cikin fayil tun da.

Idan aka haɗa duka, saƙon wajen ma'aikaciyar zai zama haka:

> Barka da war haka. Ina hutu, kuma ina sa ran dawowa ofis ranar Litinin 22 ga Yuni 2026. Ba na karanta wannan akwati, kuma saƙonku bai wuce ga kowa ba. Don takardun neman biya da duk wani batun kuɗi, ku sake aika saƙonku zuwa kudi@example.org, inda Malam Wane zai amsa muku cikin ranakun aiki biyu. Idan maganar tana iya jira na, ku rubuto mini bayan wannan rana. Na gode.

Kafin ta kunna shi, ta nuna wa Malam Wane rubutun ya karanta da idonsa, yadda aka rubuta sunansa da wa'adin da aka ɗora masa, ta tambaye shi ko yana da tafiya tsakanin Maris da Yuni, ta duba nasa saƙon hutun ko har yanzu sunanta ke ciki. Ta kunna amsar da yammacin Juma'a 27 ga Fabrairu, ba ranar Litinin ba, domin saƙonnin ƙarshen mako ma ba za ta amsa su ba. Sai ta aika gwaji daga adireshinta na gida, ta danna adireshin da ke cikin amsar da ta dawo mata, ta aika masa saƙo, ta tsaya har Malam Wane ya ce ya gani. Idan mutane sun saba neman ta ta WhatsApp, imel ba zai tare su ba. WhatsApp Business na da Away message, kuma jumla biyu sun isa a can: ranar dawowa, da adireshin sashen.